Daga Cikakkiyar Addu'a Zuwa Kalma Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Gaisuwa Ke Gajarcewa

Da gaske ne yawancin gaisuwa addu'a ce tun asali?

Da yawa daga cikinsu haka suke, amma ba duka ba. Idan aka bi sawun kalmomin gaisuwa a harsuna daban-daban, galibi ana tarar da su sun fito daga ɗayan tushe uku. Na farko fatan lafiya da aminci. Na biyu danƙa mutum a hannun Allah, wanda ya fi yawa a wajen rabuwa. Na uku ƙasƙantar da kai a gaban wanda ake gaisarwa. Akwai kuma wasu 'yan kaɗan da ba su da alaƙa da ko ɗaya, kira ne kawai don a jawo hankali, za mu zo kansu a gaba.

Fatan lafiya shi ya fi yaɗuwa. Rumawan da suna cewa salwe idan sun haɗu, ma'ana ka kasance cikin lafiya, su ce wale idan za su rabu, ma'ana ka kasance da ƙarfi. Daga kalmarsu ta lafiya, salus, Faransawa suka sami salu da abokai ke yi wa juna yau. Gaisuwar Rashawa, zdrastbuite, umarni ce da ke nufin ku kasance lafiya. Girkawan yanzu suna cewa ya su, wato lafiyarka. Salamu ta Larabci da shalom ta Ibrananci 'yan uwan juna ne, dukkansu aminci suke nufi. Hausa ma ba a bar ta a baya ba: lafiya daga Larabci take, al'afiya, barka kuma daga baraka, wato albarka. Duk wanda ya ce maka barka da asuba, albarkar safiya ya yi maka fata, ko ya lura ko bai lura ba.

Me ya sa lafiya ce ta fi yawa, ba arziki ko nasara ba?

Saboda gaisuwa tana zuwa ne bayan an ɗan rabu, kuma abin da ake fara son sani game da wanda ba a gani ba shi ne ko yana nan yadda aka bar shi. Dare rabuwa ne, tafiya rabuwa ce. Shi ya sa gaisuwar safe da ta bankwana suka fi kowace ɗaukar addu'a: mu kwana lafiya, Allah ya tashe mu lafiya, a sauka lafiya, Allah ya kiyaye hanya.

Akwai dalili na biyu. Wanda ya tunkaro ka, musamman baƙo, yana bukatar ya nuna tun daga nesa cewa ba da sharri ya zo ba. Fatan aminci shi ne hanya mafi sauri ta faɗin haka. Fatan nasara da tsawon rai suna nan, amma yawanci sama suke hawa, wajen mai mulki ko babba: ranka ya daɗe, Allah ya ba ka nasara, Allah ya ja zamaninka.

To ta yaya jimla guda take komawa gaɓa ɗaya? A ba mu misali daga farko har ƙarshe.

Misalin da aka fi samun shaidarsa a rubuce shi ne gudbai na Ingilishi, domin kusan kowane mataki an same shi a takardun da suka tsira.

Asalinsa jimla ce mai kalma huɗu, God bi wid yi, ma'ana Allah ya kasance tare da ku. Addu'a ce cikakkiya: ga wanda ake roƙo, ga abin da ake roƙo, ga wanda ake roƙa wa. Ana faɗinta wajen rabuwa kamar yadda za ka ce wa matafiyi Allah ya tsare.

Mataki na farko, kalmomin suka manne da juna. Abin da ake faɗi sau da yawa a rana, kuma a wuri ɗaya cikin zance, baki ba ya tsayawa ya rarrabe shi. Kalmomi ukun ƙarshe, waɗanda ba su da nauyi a furuci, suka dunƙule suka zama kamar bwai. A wata wasiƙa ta 1573, marubucin Ingila Gabriel Harvey ya rubuta jimlar a matsayin kalma guda, har ya yi mata jam'i, kamar mutum ya ce na gode da sallamominka. Wannan jam'in muhimmi ne. Ba a yi wa jimla jam'i sai in masu magana sun fara ganinta kamar sunan wani abu, ba kamar magana mai sassa ba.

Mataki na biyu shi ne ya fi ban mamaki. Da kalmar ta dunƙule, sai mutane suka daina jin sunan Allah a cikinta. A gefe guda kuma akwai wasu gaisuwa da ke farawa da gud, wato mai kyau, irin na safiya da na dare. God da gud sun yi kama a kunne, don haka sabuwar kalmar ta bi sahun 'yan uwanta ta koma gudbai. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar cire sunan Allah. Kunne ne ya daidaita kalmar da maƙwabtanta, domin ma'anar da za ta riƙe ta a wurinta ta riga ta dushe.

Mataki na uku, aka yanke gaban aka bar bai. Daga gaɓa huɗu an koma biyu, daga biyu an koma ɗaya. Abin da ya rage a cikin bai shi ne ɓurɓushin kalmomin nan uku marasa nauyi. Sashen da ya fi kowane muhimmanci a asalin addu'ar, shi ne ya ɓace gaba ɗaya. Wanda ya ce bai a ƙarshen kiran waya ba ya jin ya yi addu'a, wanda aka ce wa ma ba ya jin an yi masa.

Kullum sunan Allah ne ke faɗuwa?

A'a. Wani lokaci shi kaɗai ke tsira. Faransawan da suna da jimlar da ke nufin ga Allah na danƙa ka. Aikatau ya faɗi, wanda aka danƙa ma ya faɗi, aka bar adiye, wato ga Allah. Adiyos na Sifaniyanci ma haka yake nufi. Amma tsira ba ta hana lalacewa ba. Adiye ta shiga arewacin Jamus ta zama ajus, daga nan acus, har ta kai ga cus da Jamusawa ke faɗi yau. Babu Bajamushen da zai ji sunan Allah a cikin cus sai wanda ya karanta tarihin kalmar. Da yake aro ce daga wani harshe, tun farko ba su da abin da zai tuna musu ma'anarta, don haka ta fi saurin cinyewa.

Ƙa'idar da ta fi bayyana abin da ke faɗuwa ita ce wannan: duk sashen da mai sauraro zai iya cikewa da kansa, shi ke fara tafiya. Dubi Hausa. Allah ya gafarta wa malam ta zama Allah gafarta malam, a bakin wasu ma Alagafarta. Ya da wa sun tafi, domin ba wanda zai ruɗe idan babu su. Rai naka ya daɗe ta zama ranka ya daɗe, a magana mai sauri kuma rankai daɗe. Tambayar an kwana lafiya takan tsuke ta zama kwal lafiya, inda wasalin ƙarshe na kwana ya faɗi, sannan n ta rikiɗe ta bi l ɗin da ke gabanta. A Larabci, ahlan wa sahlan ragowar jimla ce da ke nufin ka zo wurin dangi, ka sauka a wuri mai sauƙi. An zubar da aikatau biyun, daga baya aka tsaya a ahlan, a wasu ƙasashen ma hala.

Japanawa sun yi abin da ya fi haka. Konniciwa ba ta da ma'anar da ta wuce "yau kuwa". Farkon tambaya ce da ke cewa yau kuwa yaya kake ji, sai aka ajiye tambayar kanta aka riƙe shimfiɗarta.

Wannan ba lalaci ba ne kawai?

Kalmar lalaci ba ta yi wa al'amarin adalci ba, domin mutanen da ke gajarta gaisuwa su ne kuma ke tsayawa su furta sunan baƙo da adireshinsa dalla-dalla. Baki yana kashe ƙarfinsa ne a inda kuskure zai yi illa. Masanin harshe George Zipf ya nuna a 1935 cewa kalmomin da aka fi yawan amfani da su su ne suka fi gajarta, kuma an sami haka a harsuna da dama da aka bincika bayansa. Gaisuwa tana cikin maganganun da aka fi maimaitawa, kuma ita ce aka fi sanin zuwanta tun kafin a buɗe baki. Idan mutum biyu suka haɗa ido da safe, rabin gaisuwar ya riga ya isa. Sautin da ya biyo baya tabbatarwa ce kawai.

Shi ya sa gaisuwa take lalacewa fiye da sauran kalmomi, har ta karya ƙa'idojin sauti na harshenta. Rashawa suna tsuke zdrastbuite ta koma zdraste. Farisawa suna tsuke Huda hafiz, Allah ya tsare, ta koma hudafiz. Irin wannan tsukewar ba ta samun kalmomin da ba a cika faɗi ba, ko da sun fi su tsawo.

Yaya za a gane cewa wata gaisuwa ta tashi daga ma'anarta ta zama al'ada kawai?

Hanya mafi inganci ita ce a saurari amsar, ba gaisuwar ba. Idan amsar ta daskare, ba ta canzawa ko yaya halin mai amsawa yake, to tambayar ta daina zama tambaya. Mutum yana kwance a gadon asibiti, a ce masa ina kwana, ya ce lafiya lau. Ba ƙarya ya yi ba, ba kuma wanda zai zarge shi da ita. Wanda ya wuni yana aiki, a ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya. Ina labari, sai alheri, ko da mugun labari ya kawo. Wannan ne ya sa harshe yake ƙirƙiro tambaya ta biyu da za ta yi aikin da ta farko ta bari. Bayan lafiya lau sai a ce ya jikin, kuma ko ita ma amsarta ta fara daskarewa a kan da sauƙi, har sai an kai ga ta uku, me likita ya ce, kafin a ji gaskiyar magana. Likitoci da masu jinya sun san wannan sarai: amsar gaisuwa ba bayanin ciwo ba ce.

Alama ta biyu, gaisuwar ta zama suna. Ana yin sallama, ana amsa sallama, ana zuwa barka, ana yi wa mutum sannu. Faransawa har sun ari salamu alaikum suka mai da ita salamalek, suna nufin yawan ladabi da ya wuce kima. A wurinsu babu ko ƙamshin aminci a cikin kalmar.

Alama ta uku, wanda bai yarda da abin da kalmar ta ƙunsa ba yana faɗinta ba tare da ya ji wani abu ba. Marar addini a Sifaniya yana cewa adiyos kamar kowa.

A 1923 masanin halayyar al'umma Bronislaw Malinowski ya yi bayanin irin wannan magana da ba labari take isarwa ba, aikinta kawai ta nuna cewa akwai zumunci kuma ƙofar zance a buɗe take. Sai dai a kula, dushewar ma'ana ba mutuwarta ba ce. Kalmar lafiya ɗin nan, idan aka jefa ta ita kaɗai da muryar tambaya ga wanda ya buga ƙofa da tsakar dare, nan take take farfaɗowa, ta koma nufin me ya faru.

Salamu alaikum ta daɗe ƙwarai, me ya hana ta cinyewa kamar sauran?

A baki ta ɗan cinye, ana jin salamalekum da makamantansu a ƙasashe da yawa. Amma cikakkiyar siffarta ba ta taɓa ɓacewa ba, kuma dalilin a fili yake. Gudbai ba ta da wani rubutaccen asali da ake komawa gare shi kullum, don haka kowane zamani ya gaji abin da na gabansa ya bari, ya ƙara ragewa. Sallama kuwa tana da nassi da ake karantawa, ana koyar da ita ga yara, ana kuma faɗinta cikakkiya a ƙarshen kowace salla. Duk lokacin da baki ya rage ta, akwai abin da zai mai da ita.

Bayan haka akwai umarnin da ke tura ta zuwa tsawo maimakon gajarta. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ce idan aka gaishe ku da gaisuwa, ku amsa da wadda ta fi ta kyau ko ku mai da irinta. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda aka ambaci lada goma ga wanda ya tsaya a assalamu alaikum, ashirin ga wanda ya ƙara warahmatullahi, talatin ga wanda ya cika da wabarakatuhu. Gaisuwar da ake ba wa tsawonta lada tana da garkuwar da sauran ba su da ita.

Sannan akwai haɗari na zahiri a cikin tsuke ta. Idan harafin lam ya faɗi daga assalamu, abin da ya rage shi ne assamu, wanda ke nufin mutuwa, kuma ya zo a hadisin Bukhari cewa an taɓa amfani da wannan da gangan don cutarwa. Masu koyarwa suna kafa hujja da shi wajen nuna wa ɗalibai dalilin furta kalmar sosai.

Ina aka samo halo? An ce sunan budurwar wanda ya ƙirƙiro tarho ne.

Ba gaskiya ba ne. Matar Alexander Graham Bell, wanda ya ƙirƙiro tarhon, sunanta Mabel Hubbard, kuma kalmar tana cikin rubutun Ingilishi shekaru da dama kafin a ƙirƙiro tarho a 1876. Bell kansa ma ba ita ya so ba, ya fi son ahoi, kiran da matuƙan jirgin ruwa ke yi. Thomas Edison ne ya ba da shawarar halo a wata wasiƙa ta 1877, domin ana jinta daga nesa, kuma ita ta yi rinjaye a ofisoshin haɗa kira.

Halo tana cikin gaisuwar nan da ba su da addu'a a bayansu ko kaɗan. Kira ce ta jawo hankali ko nuna mamaki, kamar ka ce kai ko ka ce wa na nesa ho. Tarho ya kawo matsalar da ba a saba da ita ba: za ka yi magana da wanda ba ka gani, ba ka san ko babba ne ko yaro ba, ba ka ma tabbata yana jinka ba. Gaisuwar gargajiya tana bukatar ka san wanda kake gaisarwa da kuma lokacin da ake ciki. Kalmar da ba ta ɗauke da komai ita ta dace da wannan gurbi. Shi ya sa har yau mai kira yakan ce halo, sannan ya yi sallama ko ya ce ina wuni. Ta farko gwajin layi ce, ta biyu ce gaisuwa. Italiyawa sun warware matsalar da kalmarsu, suna cewa pronto, wato na shirya.

To caw ta Italiya fa, da ake ji ko'ina?

Daga tushe na uku take, na ƙasƙantar da kai. Mutanen birnin Benis na Italiya suna cewa scawo bostro, ma'ana bawanka ne, sai rabin ƙarshe ya faɗi, na farko ya tsuke. Serbus da ake faɗi a Austriya da kudancin Jamus ma bawa take nufi a Latin. Shikamo ta Sawahili daga jimlar na riƙe ƙafafunka take. Bambancin shi ne shikamo ta riƙe nauyinta, yaro ne ke yi wa babba, ita kuwa caw ta juye gaba ɗaya: kalmar da ta fara a matsayin matuƙar ladabi ta zama wadda ba a cika yi wa baƙo ko babba ba.

Wayar hannu ce ta kawo gajarta gaisuwa a rubuce?

Ta ƙara mata sauri, amma ba ita ta fara ba. Rumawa suna buɗe wasiƙa da haruffa zalla. S.P.D. na nufin wane yana aika gaisuwa mai yawa, S.V.B.E.E.V. kuma jimla ce guda: idan kana lafiya to madalla, ni ma ina lafiya. Mai karɓar wasiƙar ya san abin da haruffan ke nufi kafin ya gama kallonsu, kamar yadda ka san ykk.

Abin da waya ta kawo shi ne iyaka da ake ƙirgawa. Saƙon tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu ta cinye 44, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na saƙon, kafin a faɗi abin da ya sa aka rubuta shi. A tsofaffin wayoyi masu maɓalli kuma, harafin s kaɗai sai an danna lamba 7 sau huɗu. A cikin wannan hali slm, wslm, lfy da ykk suka bunƙasa. Hanyar gajartawar ta bambanta da ta baki. Baki yana zubar da gaɓoɓi marasa nauyi, yatsa kuwa yana zubar da wasula ya bar baƙaƙe, domin ido yana iya gane kalma daga ƙashinta.

Manhajojin hira na yanzu ba su da wannan iyaka, allon rubutu ma yana cike kalma da kansa, amma slm ba ta tafi ba. Ta riga ta sami aikin kanta, tana nuna cewa hirar ta kusa ce kuma ba ta bukatar shimfiɗa. Malamai da dama ba sa son a gajarta sallama haka, suna cewa addu'a ce, haruffa uku kuma ba addu'a ba ne. A ganinmu, ko an ajiye batun hukunci a gefe, hujjar rowar haruffa ta ƙare tun da iyakar 160 ta daina damun kowa, kuma rubuta assalamu alaikum ba ya cin daƙiƙa biyar.

Yaushe gajeriyar gaisuwa take jawo matsala?

Idan an yi kuskuren auna nisa. Tsawon gaisuwa ma'auni ne na abu uku: girman wanda ake gaisarwa, daɗewar da aka yi ba a haɗu ba, da nauyin abin da ya faru a tsakani. Abokin aikin da kuka rabu da shi awa ɗaya da ta wuce, ya dai ta ishe shi, in ka tsaya tambayar iyali da gajiya ma sai ya zaci akwai wata magana. Wanda kuka shekara ba ku haɗu ba, ko wanda aka yi wa rasuwa, idan ka jefa masa gajeriyar, abin da zai ji shi ne ba ka damu ba.

Kuskuren da ya fi yawa a rubuce shi ne ƙarami ya fara gajartawa. Ɗalibi ya rubuta wa malaminsa slm ykk, ko mai neman aiki ya buɗe saƙonsa da haka. Izinin gajartawa daga sama yake saukowa. Idan babba ya amsa a taƙaice, ya buɗe ƙofa, amma ko a nan ya fi kyau ƙarami ya tsaya mataki ɗaya sama da shi. Alamar cewa an yi kuskure tana da sauƙin ganewa: ka aika gajeriya, a amsa maka da cikakkiya har da sunanka da laƙabinka. Wannan gyara ne cikin ladabi.

Akwai kuma kuskuren masu koyon harshe, waɗanda ke ɗaukar gajeriyar siffa domin ta fi sauƙin riƙewa. Mai koyon Koriyanci da ya ce wa dattijo anyong maimakon anyong haseyo ya yi masa gaisuwar yara. Jambo da masu yawon buɗe ido ke faɗi a gabashin Afirka ragowar hujambo ce, wadda ke nufin ba ka da wata damuwa ko, kuma tana da amsarta, sijambo. Masu harshen suna gane baƙo daga wannan yankewar. Ga mai koyo, ya fi aminci ya fara da doguwar siffa har sai ya ji yadda ake yi masa.

Idan ana ta ragewa haka, wata rana gaisuwa za ta ƙare ke nan?

Tarihi bai nuna haka ba. Idan kalma ta tsuke har ta yi sanyi a kunne, masu magana sukan sake yi mata ƙari. Bai ta ninku ta zama bai-bai. Sannu takan zama sannu sannu, ko sannu da ƙoƙari, sannu da zuwa. Barka ita kaɗai ba ta cika isa ba, sai an ce barka da war haka ko barka dai. Wanda ya ce sai an jima, idan ya ji kamar bai cika ba, yakan ƙara da Allah ya kiyaye ko a gaida gida. Sabuwar addu'a tana shigowa daidai inda tsohuwa ta dushe, ita ma ta fara nata tsukewar.

Yaya mutum zai tantance labarin asalin wata gaisuwa da aka turo masa?

Ya fara tambayar shekara. Yaushe aka fara ganin kalmar a rubuce? Idan ta girmi abin da aka ce shi ya haife ta, labarin ya faɗi, kamar yadda na halo ya faɗi. Sannan ya nemi siffofin tsakiya. Asali na gaskiya yana barin sawu, kamar ajus da acus tsakanin adiye da cus. Labarin da ya yi tsalle daga jimla zuwa kalma ba tare da ko mataki ɗaya a tsakani ba abin tuhuma ne.

Ya kuma yi hattara da duk bayanin da ya ce kowane harafi na kalmar farkon wata kalma ce. Haɗa kalmar da ake furtawa daga haruffan farko bai zama ruwan dare ba sai a ƙarni na 20, don haka ba zai bayyana gaisuwar da ta shekara ɗaruruwa a baki ba. Haka nan saƙon da ke yawo yana cewa bai na nufin Fafaroma ya tsare ka ba shi da tushe. Matakan kalmar suna nan a rubuce tun ƙarni na 16, kuma babu Fafaroma a ko ɗaya daga cikinsu. Kamannin sauti shi kaɗai ba hujja ba ne, domin gajerun kalmomi masu gaɓa ɗaya ko biyu suna yawan yin kama da juna a harsunan da ba su taɓa haɗuwa ba. Sai an haɗa shi da shekara, da siffofin tsakiya, da hanyar da kalmar ta bi daga wannan al'umma zuwa waccan.